"A shirye nake in taso": abin da dokar Birtaniya ke nufi da wannan jimla

Mu ɗauki misalin wata matashiya a Unguwar Rimi da ta iya aikin lissafin kuɗi, ta ga wani kamfani a Manchester yana neman ma'aikaci. A ƙarshen wasiƙarta ta rubuta cewa a shirye take ta koma can, ko kuma ta yi aikin daga Kaduna a kowane lokaci suka ga dama. A ganinta ta nuna sauƙin kai. Shi kuwa mai tace wasiƙun, ta bar shi da tambayoyi biyu da doka ta ɗora masa, ba ta amsa ko ɗaya ba.

Tambayar farko ita ce izinin aiki. Dokar Birtaniya ta wajabta wa kowane kamfani ya tabbatar wanda zai ɗauka yana da izinin yin aiki a ƙasar, kuma tun Fabrairun 2024 tarar saɓa wannan tana kai fam 45,000 a kan ma'aikaci ɗaya a karon farko. Saboda haka yardarki ki taso ba ta buɗe ƙofa. Mai fasfo ɗin Najeriya galibi sai da bizar da ake kira Skilled Worker, ita kuma ba a samun ta sai kamfanin yana da lasisin ɗaukar nauyin baƙi, ya kuma ba ki lambar Certificate of Sponsorship, wato shaidar cewa ya ɗauki nauyinki. Albashin ma da iyakarsa: daga 22 ga Yulin 2025 mafi ƙarancinsa ga yawancin masu nema ya koma fam 41,700 a shekara. In aikin na fam 30,000 ne, a mafi yawan lokuta magana ta ƙare, komai kyan wasiƙa.

Gwamnatin tana wallafa sunayen kamfanonin da ke da lasisin a shafin gov.uk, sai ki duba kafin ki ɓata daren rubutu. In sunansu na ciki, ki faɗa musu kai tsaye: ina zaune a Kaduna, ba ni da izinin aiki a Birtaniya, zan buƙaci ku ɗauki nauyin bizata, kuma zan iya tasowa wata kaza bayan ta fito. Wasu na ɓoye wannan don gudun kada a ajiye takardarsu, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, domin sai an nemi shaidar kafin a fara aiki. Bizar ziyara ba ta halatta kama aiki. Duk wanda kuma ya ce ki biya shi kuɗin lambar Certificate of Sponsorship, ki ja da baya, don an haramta wa kamfani ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗin.

Tambaya ta biyu ta shafi aiki daga gida. In kina Kaduna ba ruwanki da biza, tunda ƙafarki ba ta taka ƙasarsu ba. Sai dai kamfanin da ba shi da rajista a Najeriya ba kasafai yake saka ki cikin jerin masu albashinsa ba. Ko dai ya ɗauke ki 'yar kwangila, ko ya bi ta wani kamfani da zai ɗauke ki a madadinsa a nan. 'Yar kwangila ita ke kai harajinta da kanta ga hukumar harajin jihar Kaduna, kuma fansho da hutun da ake biya ba sa zuwa sai in an rubuta su. Ki ambaci wanda kika yarda da shi a wasiƙar.

"Kowane lokaci" kuwa alkawari ne da zai iya shiga yarjejeniya ya ɗaure ki. Agogonmu UTC+1 ne duk shekara, nasu kuma yana motsi. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Manchester da na Kaduna ɗaya ne. Sauran watannin muna gabansu da awa guda, tara zuwa biyar ɗinsu ta zama goma zuwa shida a nan. Wannan da sauƙi, ko da yake in azumi ya faɗo cikin waɗannan watanni kina tashi ana haramar shan ruwa. Matsalar ita ce in kamfanin yana da abokan ciniki a New York: tara zuwa biyar ɗin can, a nan ƙarfe biyu na rana ne zuwa goman dare, da hunturunsu kuma uku zuwa sha ɗaya. Wadda ta ce kowane lokaci ta amince da wannan ba ta sani ba.

Da ni ce ita, sai in rubuta awannin da lamba: zan yi aiki tara zuwa biyar agogon Birtaniya duk shekara, zan iya tsayawa taro har ƙarfe bakwai agogon Najeriya sau biyu a mako, ranar Juma'a kuma zan ɗauki hutun rana na awa ɗaya da rabi in rama da yamma.