Mene ne adalci a tsarin kwamfuta mai amincewa da rance?

Manhajojin bayar da rance na waya ba sa zama da mai nema su saurari bayaninsa. Tsarin lissafi ne ke duba bayanansa, kamar shiga da fitar kuɗi a asusunsa da tarihin basussukan da ya taɓa ci, ya ba shi maki. Idan makin ya kai wani mizani da kamfani ya sa, a amince, idan bai kai ba, a ƙi. Tsarin ya koyi bayar da makin ne daga takardun waɗanda aka bai wa rance a baya, wa ya biya, wa ya kasa. Ko da banki ba ya cin ruwa, muddin da irin wannan tsari yake zaɓen wanda zai saya wa kaya ya biya daga baya, maganar ta shafe shi.

Idan masu wannan aiki suka ce tsari yana da adalci, abin da suke nufi abu ne da ake aunawa da lissafi: mutane biyu da ƙarfinsu na biyan bashi ɗaya ne su sami dama ɗaya, ko da ɗaya mace ce ɗaya namiji, ko ɗaya ɗan birni ɗaya ɗan ƙauye. Kowane tsari yana kuskure. Tambayar ita ce, a kan wa kuskuren ya fi faɗawa?

Abin da kamfanoni suka fi kare kansu da shi shi ne cewa ba su nuna wa tsarin jinsin kowa ba. Wannan bai isa ba. Sana'a, unguwa, irin wayar hannu da yawan hulɗa da banki duk suna iya tona jinsi ko yankin mutum. Matar da ke sayar da abinci a cikin gida, cinikinta da tsabar kuɗi, ajiyarta a adashe, asusunta zai nuna kamar ba ta da komai, alhali shekara da shekaru ba ta taɓa fashin zubi ba. A watan Nuwamba na 2019 David Heinemeier Hansson, wani fitaccen mai rubuta manhaja, ya koka cewa katin bashi na Apple Card ya ba shi iyakar bashi ninki 20 na matarsa. Bankin Goldman Sachs, wanda ya fitar da katin, ya ce ba ya duba jinsi. Hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ba ta tsaya a kan wannan amsa ba, sai da ta binciki bayanan masu nema kusan 400,000, kana ta bayyana a watan Maris na 2021 cewa ba ta ga an karya dokar hana wariya ba. Ashe ko wanke tsari daga zargi ba ya yiwuwa sai an raba masu nema rukuni-rukuni an auna.

Ga yadda awon yake. Alƙaluman nan na misali ne. A ce kamfani ya ware tsofaffin takardu 10,000 da an riga an san ƙarshensu, waɗanda ba a koyar da tsarin da su ba: maza 8,000, mata 2,000. A kowane rukuni kashi 80 cikin 100 sun biya, wato maza 6,400 da mata 1,600. Aka gwada tsarin a kansu, ya yanke hukunci daidai a kan takardu 8,520, kimanin kashi 85 ke nan. Manaja zai ga wannan ya gamsu. Amma da aka raba, a wajen maza tsarin ya dace da kashi 88, a wajen mata kashi 74. Yawan maza ne ya rufe matsalar.

Awo na farko shi ne yawan waɗanda aka amince wa. Tsarin ya amince wa maza 6,080, kashi 76, da mata 1,160, kashi 58. Idan aka raba 58 da 76 ana samun 0.76. Akwai wata ƙa'ida da hukumomin Amurka suka fitar a 1978 domin ɗaukar ma'aikata, wadda masu nazarin rance suka ara: idan sakamakon ya gaza 0.8, a tsaya a bincika. Alamar gargaɗi ce kawai, domin yana yiwuwa wani rukuni da gaske ya fi wani kasa biya.

Shi ya sa awo na biyu ya fi muhimmanci a ganina. A ware waɗanda suka biya bashinsu kaɗai, a tambaya: nawa daga cikinsu tsarin zai amince wa? Cikin maza 6,400 ya amince wa 5,760, kashi 90. Cikin mata 1,600 ya amince wa 1,120, kashi 70. Ma'ana, cikin maza goma masu riƙon amana ɗaya ake kora, cikin mata goma masu riƙon amana uku ake kora. A nan babu mai cewa ai matan ne ba sa biya, tun da duk waɗanda muke ƙirgawa sun biya. Mata 480 ke nan da za su rasa jari ba da laifinsu ba, kamfanin kuma ya rasa cinikinsu.

Sai a duba ta ɗaya gefen: cikin waɗanda aka amince wa, nawa suka biya? Maza kusan kashi 95, mata kusan kashi 97. Wani zai ɗauki wannan a matsayin yabo ga mata. Amma idan aka haɗa shi da awo na biyu, yana nuna cewa sai macen da babu ko ɗigon shakka a kanta ke tsallakewa.

Mai aiki da Python zai iya fitar da awon farko da na biyu da Fairlearn, wata manhajar auna adalci, inda 1 ke nufin "ya biya" a y_true, "an amince" a y_pred:

```python
from fairlearn.metrics import MetricFrame, selection_rate, true_positive_rate
mf = MetricFrame(
    metrics={"amincewa": selection_rate, "masu_biya": true_positive_rate},
    y_true=y_true, y_pred=y_pred, sensitive_features=jinsi)
print(mf.by_group)
```

Kada a tsaya a jinsi kaɗai. A haɗa shi da wurin zama ko shekaru, domin tsari yana iya kyautata wa matan birni ya zalunci matan karkara, jimillar mata kuma ta fito lafiya. Sai dai a lura da yawan mutanen kowane rukuni. Idan su 50 ne kacal, mutum ɗaya yana motsa sakamakon da maki biyu cikin ɗari, don haka sai an ƙara tara bayanai kafin a yanke hukunci.

A misalin nan na sauƙaƙa abu ɗaya, na sa maza da mata suna biya daidai wa daida. Idan yawan biyan ya bambanta tsakanin rukunoni, masanin kimiyyar kwamfuta Jon Kleinberg da abokan aikinsa sun tabbatar a 2016 cewa tsarin da ke kuskure ba zai iya cika dukkan ma'aunan adalci a lokaci guda ba. Dole kamfani ya zaɓi wanda zai fifita, kuma shugabanni ne ya kamata su yi zaɓin a rubuce, kada a bar wa mai rubuta manhaja shi kaɗai.

Babbar matsalar da ta rage ita ce, wanda aka hana rance ba a san ko da zai biya ba. Duk takardun da ake gwaji da su na waɗanda ma'aikatan baya suka amince wa ne. Idan da ma suna korar matan ƙauye, to ba za su fito a gwajin ba balle a ga an zalunce su. Hanya mafi tsabta ita ce kamfani ya riƙa zaɓar kaɗan daga waɗanda makinsu ya gaza da ɗan kaɗan, ta hanyar ƙuri'a, ya ba su ƙaramin rance, ya ga yadda za su biya. Za a yi ɗan asara, amma idan aka ga matan da aka kusa kora suna biya kamar mazan da aka amince wa, an sami hujjar sake koyar da tsarin da bayanan da ke nuna kuɗin shigarsu na gaskiya, kamar tarihin zubin adashe ko na ƙungiyar gama kai.