Shirun da Ke Biyo Bayan Faɗin Sirri

A Garwa da Marwa, garuruwan arewacin Kamaru, an saba cewa idan saurayi ya ɗauke ƙafa bayan budurwa ta buɗe masa cikinta, to ya raina ta ne. Sau da yawa ba haka ba ne.

A ce yarinya ta gaya wa mai neman aurenta cewa tana da sikila. Daren nan sai waya ta yi tsit. Abin da ke kansa ya fi ƙarfin bakinsa: bai san nasa jinin ba, kuma idan shi AS ne, wato mai ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, ita kuma SS, wato mai ciwon, kowane ciki rabi da rabi ne a haifi mai cutar. Ga tunanin yadda zai tunkari mahaifiyarsa. Kuma an tarbiyyantar da shi cewa namiji ba ya magana sai da mafita a hannu. Kwana biyu suka wuce, kunyar jinkirin ta ƙara ɗaure masa harshe.

Ana gane bambancin. Wanda nauyi ya danne yakan aiko gaisuwa ko da gajeriya ce, ya riƙe sirrin, ya dawo da tambaya. Wanda ya janye kuwa, ko an ce masa "Malam, saurarona kawai nake so", ba zai amsa ba. Wannan kam ki daina jiransa, kuma faɗin gaskiyar da kika yi ba laifi ba ne.