Saita iyakar alam ga injiniyoyin da ke jiran kira

Iyakar alam ita ce lambar da ake sa wa manhajar da ke sa ido kan sabobi, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka da ayyukan intanet, cewa in wani abu da ake aunawa ya wuce nan to a buga wa mutum waya. Mutumin nan shi ne injiniyan da ke kan diyuti, wanda wayarsa ke kusa da filo ko da ƙarfe ukun dare ne. In an sa iyakar ƙasa da yawa, wayar za ta yi ta kuka kan abin da ba komai ba, har ya kai mutum ya fara danna "na gani" ido a rufe ya koma barci, ranar da abin gaske ya zo kuma sai ya wuce shi. In an ɗaga ta sama da yawa kuma kwastomomi ne za su fara sanar da kai cewa abu ya lalace. Wannan gajiya da ke sa mutum ya daina jin alam ita ake ce wa gajiyar alam, kuma ba laifin injiniyan ba ne, laifin yadda aka saita abin ne.

Asali

Matsalar ta girmi harkar sabobi nesa ba kusa ba, a ɗakunan kula da masana'antu aka fara ɗanɗana ta. A hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, alam sama da 100 ne suka tashi a mintunan farko, ma'aikatan suna tsaye gaban allo fitilu na ta walƙiya amma ba su iya gane wanne ne tushen matsalar wanne ne ya biyo baya ba. A 1994 matatar mai ta Milford Haven a Birtaniya ta yi bindiga, kuma binciken hukuma ya nuna cewa a minti 11 na ƙarshe kafin fashewar ma'aikata biyu sun sha alam 275. Wato kusan 25 a kowane minti, ba mai iya karanta su ma balle ya yi tunani a kai. Bayan wannan ne aka fitar da ƙa'idar EEMUA 191 a 1999, wadda ta ce a lokacin da komai ke tafiya daidai bai kamata alam ya wuce kamar guda ɗaya a minti goma ga ma'aikaci ba, sannan ISA-18.2 ta biyo a 2009. Abin lura a nan shi ne sun fara ne da tambayar nawa ɗan Adam zai iya ɗauka, daga nan suka koma suka gyara na'ura.

A ɓangaren sabobi kuwa an daɗe ana tafiya kan salon Nagios, manhajar sa ido da Ethan Galstad ya fitar a 1999 da sunan NetSaint kafin a canza mata suna wajen 2002. Kowane gwaji yana da lamba biyu, ta gargaɗi da ta haɗari, `WARNING` da `CRITICAL`, sai mutum ya zauna ya cika su da ka, diski kashi 80 da kashi 90, CPU kashi 90, haka dai. Lambobin nan ba daga wani lissafi suka fito ba, sun dai yi kyau ne a ido, kuma da yawansu an yi ta kwafe su daga wannan saba zuwa waccan har wanda ya fara rubuta su ya bar aikin.

Canjin tunani ya zo ne mafi yawa daga injiniyoyin Google. Rob Ewaschuk ya rubuta wata takarda kan alam da ta yaɗu sosai, inda ya ce a tada mutum kan abin da mai amfani ke ji a jikinsa, ba kan abin da ake zaton zai iya jawo shi ba. Littafin Site Reliability Engineering na 2016 ya kawo lamba: kar matsaloli su wuce biyu a diyutin awa 12, saboda kowace ɗaya in aka haɗa gyara da bincike da rubuta rahoto tana cin kamar awa shida. Littafin da ya biyo shi a 2018 ne ya kawo lissafin da za a gani a ƙasa.

Inda tsayayyar lamba ke ba da matsala

Ɗauki diski. An ce in ya cika kashi 80 a kira mutum. Diski mai terabait 10 da ya kai nan har yanzu yana da terabait 2, in yana ƙaruwa da gigabait 10 a rana to saura kwana 200, amma an tada mutum tsakar dare. Wani ƙaramin diski kuma yana kashi 40 sai wata manhaja ta haukace tana zuba log, wato rubutun abin da take yi, zai cika cikin minti 20, kuma alam ba zai ce uffan ba sai saura ƙiris. Tambayar da ta dace ita ce yaushe zai cika. A Prometheus, manhajar sa ido da aka fara a kamfanin SoundCloud a 2012, ana rubuta ta haka:

```
predict_linear(node_filesystem_avail_bytes[6h], 4 * 3600) < 0
```

Ma'ana a duba yadda wurin da ya rage ya tafi a awa shida da suka wuce, in ya ci gaba a haka zai ƙare nan da awa huɗu, to a kira. CPU ma haka ne, in ya kai kashi 95 amma shafi na buɗewa lafiya ba wanda ya cutu, ai don a yi aiki da shi aka saye shi.

Akwai kuma alam mai kai-komo, wanda lambarsa ke yawo a bakin iyaka, ya tashi ya kwanta ya tashi, sau goma a dare ɗaya. Maganinsa tsoho ne, a raba inda yake tashi da inda yake kwanciya, misali ya tashi a 90 amma kar ya ce an warke sai ya sauko 80.

Lissafin saurin cin kaso

Wannan shi ne hanyar da ta fi ma'ana, kuma tana farawa ne daga alkawarin da aka yi kan aikin, wanda ake kira SLO. A ce an yi alkawarin kashi 99.9 na buƙatun da ke shigowa za su yi nasara cikin kwana 30. To an yarda ke nan ɗaya cikin dubu ya faɗi. In sabis ɗin na karɓar buƙatu miliyan 10 a wata, kason kuskuren da aka ba shi shi ne 10,000. Muddin bai cinye wannan ba, ba a saɓa alkawari ba.

Abin da mutum zai fara yi shi ne ya ce to in kuskure ya wuce kashi 0.1 a minti goma a kira ni. Sai dai minti goma a wannan matakin buƙatu biyu ko uku ne kawai suka faɗi cikin 10,000 da aka yarda da su, kuma a rana akwai minti goma-goma har 144, wato ana iya kiran mutum sau da yawa kullum wata ya ƙare alkawari bai karye ba. Irin wannan alam ɗin ne ke cinye mutane.

Don haka sai a juya tambayar, kashi nawa na kason wata ne in ya tafi cikin awa ɗaya ya isa a tada mutum? Shawarar da aka fi bi ita ce kashi 2. Wata na da awa 720, kashi 2 na 720 shi ne 14.4, ma'ana ana cin kason da sauri ninki 14.4 kan yadda ya kamata. A misalinmu kuskure ya kai kashi 1.44 ke nan, buƙatu 200 sun faɗi a awa ɗaya, in aka bar shi haka kason zai ƙare cikin awa 50. Wannan ya cancanci a hana mutum barci, kuma in ya tashi zai tarar da abin yi. Kar kuma a ji an ce awa ɗaya a ɗauka sai awa ta cika alam zai tashi, a'a, in sabis ɗin ya mutu gaba ɗaya matsakaicin awar zai haura kashi 1.44 cikin kamar sakan 52, in matsalar ƙarama ce kuma zai ɗau lokaci daidai ƙanƙantarta.

Akwai matsala ɗaya da ta rage. Bayan an gyara, matsakaicin awa ɗaya zai zauna a sama na tsawon lokaci, alam na ta ci alhali an gama, mutum bai san ko gyaransa ya kama ba. Shi ya sa ake haɗa dogon zangon lokacin aunawa da gajere, gajeren ɗaya bisa sha biyu na dogon, dole duka biyun su wuce iyaka:

```
errors:ratio_rate1h > (14.4 * 0.001)
and
errors:ratio_rate5m > (14.4 * 0.001)
```

Minti biyar bayan gyara alam ya yi shiru. Mataki na biyu don matsalar da ke ci a hankali ne, kashi 5 cikin awa shida, sauri ninki 6, da gajeren zango na minti 30, shi ma ana kira. Na uku kashi 10 cikin kwana uku, sauri ninki 1, wannan tikiti kawai ake buɗewa a duba da safe, ba a tada kowa.

Wasu maimakon duk wannan sai su sa `for: 1h`, wato sai matsala ta yi awa cur kafin a kira. Ƙararrawar ƙarya na raguwa, gaskiya ne, amma ko sabis ya mutu murus sai an jira awar, kuma in lambar ta ɗan sauko sau ɗaya agogon zai koma farko. Na minti biyu zuwa biyar don tace ɗan tsalle ba laifi.

Iyakar hanyar

Ba ta aiki sosai inda buƙatu ba su da yawa. Sabis mai buƙatu 10 a awa, in ɗaya ta faɗi kuskure ya zama kashi 10, sauri ninki 100, an tada mutum kan buƙata ɗaya tak. A nan ko a riƙa tura buƙatun gwaji na na'ura don yawan ya ƙaru, ko a haɗa ƙananan sabis a auna su tare, ko a sassauta alkawarin. Sannan ba ta maye gurbin alam irin na diski ko satifiket ɗin tsaron shafi mai shirin ƙarewa, don waɗannan kuskurensu sifili ne har zuwa lokacin da komai zai tsaya.

Iyakar da na'ura ke koyo da kanta

Ana jayayya a kai. Masu so na cewa tana kama abin da mutum bai hango ba, masu ƙi na cewa ba duk baƙon abu ne matsala ba, kuma da wuya a gane dalilin da ya sa ta yi kira.

Bita

Yadda ake gane iyaka ta lalace ba wuya, a ƙarshen kowane diyuti a jero duk kiran da aka yi, a tambayi kowane ɗaya me aka yi da ya tashi. Wanda amsarsa ita ce ba komai, ya warke da kansa, in ya maimaita haka sau biyu sau uku to a mayar da shi tikiti ko a goge shi. Wanda kullum mataki ɗaya ake ɗauka a kansa, kamar sake kunna wata manhaja, a rubuta wa na'ura ta riƙa yi. In kuma matsala ɗaya ta jawo kira ashirin, ba iyakar ce ke da laifi ba, haɗa su ne ba a yi ba, a Alertmanager, manhajar da ke aika alam ɗin Prometheus, `group_by` da `inhibit_rules` ne ke wannan aikin, in rumbun bayanai ya faɗi shi kaɗai zai yi kira sauran da suka dogara da shi su yi shiru. Kafin a saki sabuwar iyaka kuma ana gwada ta kan bayanan wata ɗaya ko biyu da suka wuce, a ƙirga sau nawa da ta tashi, a ga ko ranakun sun yi daidai da ranakun da aka samu matsala ta gaske.