Fanka mai "fashewa": gyaran bayanin kaya da na'ura ta fassara

Yaya, na yi odar fanka mai caji daga 1688, shafin sarin kaya na ƙasar Sin. Da na sa bayanin a manhajar fassara sai ta ba ni wannan: "Samfurin fashewa, fanka bebiya inci 16, fayil uku, doguwar juriya, tabo." Haka zan ɗora a sitatus?

Kul, ƙanwata. Wa zai sayi abu mai batir da aka ce masa fashewa? Abin da kike gani jerin kalmomi ne da dilan ya tara don injin bincike ya kawo kayansa sama, ita kuwa na'ura ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da sanin harshen kasuwa ba.

Kalmar 爆款 da ta zama "fashewa" na nufin kayan da ake rububinsa. "Bebiya" kuwa ba ta da ƙara ke nan. Harafin 档 yana iya nufin fayil, amma a jikin fanka matakin gudu ne, wato gudu uku take da shi. "Juriya" daɗewar caji ce, "tabo" kuma 现货 ne: kayan na nan a ƙasa, ba sai an ƙera ba. Wannan na ƙarshe zance ne tsakaninki da dila, bai shafi mai saye a Kano ko Maraɗi ba.

To in gyara kalmomin ɗaya bayan ɗaya?

A'a. In kika yi haka, ƙashin bayan jimlar na nan da baƙuntarsa. Ɗauki takarda ki fitar da abin da za a iya aunawa kawai: girma, yawan gudu, ƙarfin batir, wat nawa take ci, abin da ke cikin kwali. Sai ki kife wayar, ki faɗi bayanin da baki kamar maƙwabciyarki ce ta shigo tana tambaya. Abin da ya fito daga bakinki shi za ki rubuta. Kirari irin su "inganci na ƙoli" ki watsar, kowa ya san ba mai cewa kayansa ba kyau.

Dilan ya rubuta caji na kai awa 8. In sa haka?

Nan ne ake yawan zubar da mutunci. Duba jikin batirin. A ce an rubuta 12V 4.5Ah, kwalin kuma ya ce fankar na cin wat 15. Ninka lambobin batirin, ki raba da abin da take ci:

```
12 × 4.5 = 54 Wh
54 ÷ 15 = 3.6
```

Awa uku da rabi ke nan a takarda, in tana gudun ƙarshe. A zahiri ba ta kai haka, domin batir ba ya ba da duk abin da ke cikinsa, kuma yana raguwa da tsufa. Awa 8 ɗin ba lallai ƙarya ba ce, a gudun farko aka auna, inda take cin kamar wat 6 ko 7. Amma wanda ya saya a watan Afrilu, zafi na dukansa an ɗauke wuta, gudun ƙarshe zai sa. Ƙarfe ɗaya na dare fanka ta tsaya, ke zai kira maƙaryaciya, bai san wani dila ba.

Saboda haka ki cika ɗaya da caji, ki kunna, ki duba agogo. Ni sau biyu nake yi, a gudun farko da na ƙarshe. A ce kin samu awa uku da awa bakwai, sai ki rubuta:

"Fanka ta tsaye mai caji, inci 16, gudu uku. Na gwada da kaina: tana yin awa 3 a gudun ƙarshe, kusan awa 7 a na farko. Ba ta da ƙara sosai. Akwai caja a cikin kwali."

Ki lura na ce "sosai". Ba fankar da ba ta da ƙara gaba ɗaya, kuma mai saye ya san haka.

Akwai abin da ya kamata in ƙara wanda dilan bai faɗa ba?

Kan caja. Wanda ake yi don kasuwar Sin mai faffaɗan baki ne, a Najeriya kuwa an fi amfani da soket mai ƙafa uku irin na Ingila, a Nijar mai zagaye biyu. In sai da adafta, ki faɗa tun kafin a biya, ki kuma ce ko kina haɗawa da ita.

Sai nauyi. In kika ga 斤 a bayanin asali, rabin kilo ne, ko da me manhaja ta kira shi. Kwalin da aka rubuta 20斤 kilo 10 ne, kuma da wannan za ki lissafa kuɗin mota in za ki aika wa kwastoma Gusau ko Damagaram.