Beli, takardar rantsuwa da ƙarar diyya a dokar Najeriya

Beli shi ne a saki wanda ake tuhuma da laifi ya koma gida kafin a gama shari'arsa, bisa alkawarin zai riƙa zuwa duk ranar da aka neme shi. Ba wanke shi aka yi ba, ba kuma tara ce ya biya ba, shari'a tana nan daram. Takardar rantsuwa, wadda ake ce wa afidabit, bayani ne a rubuce da mutum ya rantse a kai cewa gaskiya ne. Shi kuwa tot, kamar yadda lauyoyi ke kiransa, cutarwa ce da wani ya yi wa wani a jikinsa ko dukiyarsa ko mutuncinsa, wadda kotu za ta sa ya biya diyya a kai. Sau da yawa rigima ɗaya ce take haifo duka ukun. A ɗauka wani mai adaidaita sahu ne ya kwaso gudu, ya afka shagon wani mai tireda, ya karya masa ƙafa ya fasa firji da kaya na wajen naira dubu 600.

Beli

Da farko dai caji ofis za a kai direban. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu to kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Idan laifin ba na kisa ba ne, 'yan sanda da kansu suna iya ba da beli, kuma doka ba ta ɗora ko sisi a kansa ba, shi ya sa za ka ga an manna a bango cewa beli kyauta ne, ko da yake kowa ya san abin da ake ce wa mutane a kanta, wai a kawo na takarda ko na biro. Wannan ba ya cikin doka. Haka ma kama ƙanen direban ko mahaifinsa a madadinsa in ya gudu, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a sashe na 7. Ita wannan doka ta kotunan tarayya ce da Abuja, jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, don haka lambobin sashe suna ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha.

In an kai shi gaban majistare, sai lauyansa ya nemi beli. Alƙali yana duba nauyin laifin, da ko mutumin zai gudu, ko zai je ya tsorata shaidu, ko ya sake aikata wani. Laifin da hukuncinsa kisa ne sai alƙalin Babbar Kotu kaɗai, shi ma sai da dalili mai ƙarfi kamar rashin lafiyar da gidan yari ba zai iya kula da ita ba.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne in suka ji an ce an ba da shi beli a kan naira dubu 500 da mutum ɗaya da zai tsaya masa, sai hankalin 'yan uwa ya tashi a fara zancen sayar da fili. Alhali galibi ba a ce a kawo kuɗin a ajiye ba, sai dai in alƙali ya faɗi haka ƙarara. Alkawari ne mai tsayawar ya sa hannu a kai, cewa in direban ya gudu shi za a bi wannan kuɗi. To fa nan ne haɗarin, don mutane suna tsaya wa ɗan unguwa saboda kunya ba tare da sun san me suka ɗauka ba. Ranar da aka kira ƙara direba bai zo ba, kotu za ta ba da takardar kama shi, ta kira mai tsayawar ya faɗi dalilin da zai hana a ci kuɗin, in ba shi da hujja ya biya, in ya kasa biya a dokar 2015 ana iya tsare shi har wata 6. Amma yana da mafita, in ya ga take-taken mutumin sai ya je kotu tun da wuri ya ce ya janye, a nemi wani. Mace ma tana iya tsayawa, dokar ta ce ba za a hana kowa ba don kawai mace ce.

Takardar rantsuwa

Shi mai tsayawar yawanci sai ya kawo takardar rantsuwa da ke nuna sana'arsa da inda yake zaune da cewa yana da halin biyan kuɗin, da hotonsa a manne. A rajistarar kotu ake yi, gaban kwamishinan rantsuwa, shi zai sa hannu ya buga hatimi, a biya kuɗi a karɓi rasit. Dokar shaida ta 2011 a sashe na 115 ta ce abin da ya faru kawai ake rubutawa, ban da roƙo da gardamar doka. "Ina da shagon ɗinki, shekara 8 ina zaune a gidan da nake" daidai ne, amma "ya kamata kotu ta sake shi don ba shi da laifi" ba wurinsa ba ne. In wani ne ya gaya maka abu sai ka faɗi waye, a ina, yaushe. Wanda bai iya karatu ba dole a karanta masa a harshen da yake ji, a kuma rubuta a ƙasan takardar cewa an yi hakan. Masu buga ta a gindin bishiya bakin kotu da yawa kwafin ta wani suke canza wa suna, mutum ya dangwala bai san ya rantse yana da gidan da ba shi da shi ba, kuma rantsuwa kan ƙarya laifi ne mai zaman kansa da ake ɗaure mutum a kai.

Tot

Mai tireda fa, duk wannan bai dawo masa da firjinsa ba. Shari'ar laifi tsakanin hukuma ce da direba, kuma ko da alƙali yana da ikon ya sa a biya shi wani abu, cikakkiyar diyya sai ya shigar da tasa ƙarar ta sakaci. Abu uku zai nuna: direba yana da nauyin kula da mutanen da ke gefen hanya, ya yi sakaci da wannan nauyi, kuma sakacin ne ya jawo asarar. Tushen wannan ƙa'ida wata shari'a ce ta Birtaniya ta 1932, inda wata mata ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemo, kotunan Najeriya kuma suna bin ta har yau.

Hujjar da ake nema a nan ba ta kai ta shari'ar laifi tsauri ba, can sai an kawar da duk wani shakku mai ma'ana, nan kuwa ya isa alƙali ya ga maganarka ta fi rinjaye, shi ya sa ana iya sallamar direba a can amma ya biya a nan. Kuɗin firji da na asibiti sai an lissafo su ɗaya bayan ɗaya da rasit, na raɗaɗi da zaman jinya kuwa alƙali ne ke ƙiyastawa. In direban ɗan aiki ne ana biyansa, ana iya haɗa ubangidansa a ƙarar. Ɓata suna, shiga gonar wani ba izini, da tsare mutum ba bisa doka ba duk tot ne. Akwai wa'adin shigar da ƙara kuma ya danganta da jiha, amma in ma'aikacin gwamnati ne ya yi ɓarnar a bakin aikinsa, dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar.