Kauce wa Biyan Haraji Sau Biyu

Biyan haraji sau biyu shi ne ƙasashe biyu su karɓi haraji a kan kuɗin shiga guda na mutum ɗaya. Yana faruwa ne domin ƙasar da aka samo kuɗin tana da haƙƙi a kansu, ƙasar da mutum yake zaune kuma takan ɗora haraji a kan duk abin da ya samu a ko'ina a duniya.

Yarjejeniyar haraji ce ke raba wannan gardama. Najeriya da Birtaniya sun sanya hannu a kan tasu a 1987. Irin wannan yarjejeniya takan fara da tantance inda mutum yake zaune a idon doka. Idan kowace ƙasa ta ce nata ne, sai a duba inda yake da gida na dindindin, sannan inda iyalinsa da harkokinsa suka fi ƙarfi. Daga nan sai a fayyace wadda za ta fara karɓa. Kuɗin hayar gida, alal misali, ƙasar da gidan yake ce ke da haƙƙin farko a kansu.

Ƙasar da mutum yake zaune kuma sai ta yi masa rangwamen abin da ya riga ya biya a waje. A ɗauka wani likita yana zaune a Manchester, yana da gidan haya a Kano da ke kawo masa ribar da ta kai fam 5,000 a shekara. Idan albashinsa ya kai shi matakin kashi 40 cikin ɗari, harajin Birtaniya a kan hayar fam 2,000 ne. In a ce ya biya daidai da fam 750 a Najeriya, za a cire su, ya cika fam 1,250. Jimilla dai fam 2,000 ya biya, ba 2,750 ba.

Rangwamen yana da iyaka, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa: ba ya wuce harajin da Birtaniya za ta karɓa a kan wannan kuɗin. Da a ce Najeriya ta karɓi fam 2,300, Birtaniya ba za ta nemi komai ba, amma ba za ta mayar masa da rarar fam 300 ba.

Ba a kuma yin rangwamen sai an nema. Dole likitan ya bayyana hayar a fom na SA106, wato fom ɗin harajin Birtaniya na kuɗin da aka samo a waje, ya adana rasitin harajin da ya biya a Najeriya, domin in babu shaidar biya, ana iya ƙin amincewa. Shekarar harajin Birtaniya tana farawa ne 6 ga Afrilu, ta Najeriya kuwa 1 ga Janairu, don haka sai an daidaita watannin da kyau.

Amurka ba ta da irin wannan yarjejeniya da Najeriya, amma dokarta ta cikin gida ta amince da rangwamen ta fom na 1116.