Tafiya ce ko kai-komo? Yadda ake ganewa daga tudu da kwari

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Aboabo, Kumasi: Malam, a kasuwar canjin kuɗi ta forex, da na ga EURUSD, wato farashin Yuro da Dalar Amurka, ya tashi sai in saya, sai ya dawo inda ya fito. Yaya zan gane tafiya ta gaske?

Ɗan'uwa, daina bin kyandir ɗaya-ɗaya, wato zanen da ke nuna motsin farashi a cikin wani ƙayyadadden lokaci, ka nemi wuraren da farashi ya juya. Tudu shi ne kyandir da samansa ya zarce na biyun da ke hagunsa da biyun da ke damansa. Kwari kuma wanda ƙasansa ya fi nasu sauka. Abin da kayan aikin Fractals ke yi wa alama ke nan a manhajar ciniki ta MetaTrader. Ka lura, tudu ba ya tabbata sai kyandirori biyun dama sun rufe, wato awa 8 a kan H4, inda kowane kyandir ke ɗaukar awa 4. Masu gaggawa a nan suke faɗawa.

Ga misali. Farashi ya yi kwari a 1.0800, ya hau 1.0880, ya sauko 1.0830, ya hau 1.0920, ya sauko 1.0865. Kowane tudu ya ɗara na baya, kowane kwari ma haka. Wannan tafiya ce zuwa sama. Ni kwarin na fi sa wa ido, domin shi ke nuna masu saye ba su jira farashi ya koma tsohon wuri ba, sun yarda su biya da tsada.

Yanzu dubi wannan: tudu 1.0880, 1.0872, 1.0886, kwari 1.0800, 1.0812, 1.0795. Tudu na ƙarshe ya ɗara, amma kwarin da ya biyo shi ya gaza duk na baya. Babu jeri. Kai-komo ne tsakanin rufi da daɓe, kuma wanda ya saya a 1.0886 a bakin rufi ya saya.

Tambaya: To, in ya ƙetare tudun baya fa, ba shi ke nan ba?

A'a. Duba inda kyandirin ya rufe. In lagwani ne kawai ya leƙa, jikin ya rufe a ƙasa da 1.0880, har yanzu yana ciki. Ka jira ya rufe a sama, ya ɗan ja da baya, ya kafa kwari da ya fi na baya tsayi. Ka yi hattara musamman da lokacin buɗe kasuwar Landan, ƙarfe 8 na safe agogon Gana, ko 7 in suna lokacin bazararsu. Farashi kan leƙa gefe guda sannan ya juya.

Tambaya: Yaushe zan ce tafiyar ta lalace?

A misalin farko, in kyandir ya rufe ƙasa da 1.0830 kafin a kafa sabon kwari, ko ƙasa da 1.0865 bayan farashi ya haura 1.0920, jerin ya karye. Karyewa ba ta nufin saukowa ta fara, sau da yawa kai-komo ne ke biyo baya. Kuma ka tsaya a kan ma'aunin lokaci guda: abin da ke kama da tafiya a M15, mai kyandir na minti 15, yana iya zama ɗan zagaye ne kawai a cikin kai-komon H4.